Yadda Ake Gyara Hannu da Yatsun da Suka Lalace a Hoton da Ƙirƙirarriyar Basira ta Taɓa

Duk wanda ya saba gyaran hoto da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ya san cewa fuska takan fito sumul, tufafi su fito da kyau, amma idan aka kai ido kan hannu sai a tarar da yatsu shida, ko biyu sun manne sun zama ɗaya, ko babban yatsa ya tsiro a gefen da ba nasa ba. Abin da mafi yawan mutane suke yi shi ne su ci gaba da danna maɓallin sake zane har sai sa'a ta faɗo, kuma wannan ita ce hanya mafi cin lokaci. Hannu yana gyaruwa ne idan aka yi wa manhajar abu biyu: a ba ta fili isasshe da za ta yi zane a cikinsa, sannan a shimfiɗa mata siffar hannun da kanka, ita kuma aikinta ya tsaya ga sanya fata, haske da inuwa. Bayanin da ke tafe ya dogara ne kan Stable Diffusion, manhajar zana hoto, ta hanyar AUTOMATIC1111, shirin da ake sarrafa ta da shi, domin a nan ne ake ganin kowane ma'auni a fili, amma dalilan kusan iri ɗaya ne a manhajoji masu aiki irin nata.

Abin da ke lalata hannun

Manhajar ba ta zana hoto a kan ainihin girmansa. Tana fara matse shi ne, ta rage tsawonsa sau 8 da faɗinsa sau 8, ta yi dukkan aikinta a cikin wannan ƙaramin kwafi, sannan ta buɗe shi ya koma girman da ake gani. Hoto mai fiksel 512 a tsaye da 512 a kwance, wanda shi ne girman da aka horar da Stable Diffusion 1.5 a kai, yakan koma gida 64 a tsaye da 64 a kwance. Saboda haka yatsan da faɗinsa bai wuce fiksel 12 a hoto ba, a wurin manhajar gida ɗaya da rabi ne kawai, kuma a cikin wannan ɗan wuri ake so ta raba shi da maƙwabcinsa, ta nuna gaɓoɓinsa, ta kuma ɗora masa farce. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa hannun da ke kusa da kyamara yakan fito daidai, na mutumin da aka ɗauka daga kai har ƙafa kuma ya dagule.

Dalili na biyu yana cikin yanayin hannun kansa. Hannun ɗan Adam yana da ƙasusuwa 27, kuma 14 daga ciki na yatsu ne, uku-uku a yatsu huɗu, biyu a babban yatsa. Fuska a kowane hoto ido biyu ne a sama, hanci a tsakiya, baki a ƙasa, amma hannu yana dunƙulewa, yana buɗewa, yana juyawa, kuma a mafi yawan hotuna wani sashensa a ɓoye yake bayan abin da aka riƙe ko bayan sauran yatsu. Manhajar ta koyi zane ne daga hotunan da a wasu ake ganin yatsu biyu, a wasu huɗu, a wasu kuma hannu biyu sun sarƙe ana ganin takwas a jere, kuma rubutun da ke rakiyar hotunan da wuya ya faɗi yawan yatsun da suka bayyana. Abin da ta riƙe da ƙarfi shi ne cewa kusa da yatsa akwai wani yatsa. Ba ta ƙirga su, ba ta kuma da ƙwarangwal a cikinta da zai gaya mata inda jerin zai tsaya.

A hoton da aka gyara, wato wanda aka shafe wani sashe aka ce a cike shi, akwai ƙarin matsala da mai gyaran ne yake jawo ta ba tare da ya lura ba. Idan shafin ya bar kan tsohon yatsa a waje, ko da ɗan guntu ne, manhajar za ta ɗauke shi a matsayin abin da ba a taɓawa, ta zana sabon hannu cikakke sannan ta haɗa shi da guntun, a samu yatsa na shida. Idan kuma abin da aka nuna mata bai kai ga damtse da gwiwar hannu ba, ba ta da hanyar sanin ko hannun dama ne ko na hagu, sai ta zaɓi wanda ta ga dama.

Misalin da za mu bi

A ɗauka akwai hoton wani mutum a tsaye yana fuskantar kyamara, girman hoton fiksel 768 a kwance da 1024 a tsaye. An shafe hannunsa na dama an ce a sa masa kofi a ciki. Kofin ya fito da kyau, amma yatsu biyar ne suka nannaɗe gabansa, ga kuma kan babban yatsa yana leƙowa ta sama, jimilla shida. Hannun gaba ɗaya bai wuce fiksel 56 a faɗi da 72 a tsawo ba, wato gida 7 da gida 9 a wurin manhajar.

Mataki na farko: a gane irin laifin

Kafin a taɓa komai, a faɗaɗa hoton sau uku ko huɗu, a ɗauki kofi na gaske a riƙe a gaban madubi da hannun da zai yi daidai da abin da ake gani, a kwatanta. Mutumin da ya riƙe kofi da dama yana kallon kyamara, hannunsa yana ɓangaren hagu na hoton, yatsu huɗu suna kwance a gaban kofin, manuniya a sama, ƙaramin yatsa a ƙasa, kawunansu suna nuni zuwa dama, babban yatsa kuwa yana ta bayan kofin wajen ƙirjinsa, sai dai a ga ɗan kansa. Bayan ƙirge, a duba tsawo: yatsan tsakiya shi ne mafi tsawo, na zobe da manuniya suna kusa da juna, kan ƙaramin yatsa kuma yakan tsaya wajen gaɓar ƙarshe ta yatsan zobe. A duba cewa gaɓoɓin sun lanƙwashe zuwa tafin hannu ne kaɗai, kuma faratan suna ɓangaren bayan hannu. Daga ƙarshe a auna girman hannun da fuska, domin tsawon hannu daga wuyansa zuwa kan yatsan tsakiya ya kusa tsawon fuska daga haɓa zuwa goshi.

Wannan binciken shi ne yake raba aiki. Idan yawan yatsu da matsayinsu daidai ne, fatar ce kawai ta narke ko faratan suka ɓace, ana iya tsallake mataki na biyu. Idan kuwa siffar ce ta lalace, kamar a misalinmu, babu wani ma'auni da zai gyara ta sai an sa hannu an daidaita siffar tukuna.

Mataki na biyu: a gyara siffar da hannu

A ajiye kwafin hoton na asali, a buɗe wani kwafin a GIMP, Krita ko Photoshop. A misalinmu yatsan da ya yi yawa shi ne na can ƙasa, don haka sai a ɗauki kayan aikin `Clone`, a kwafo launin jikin kofin daga wurin da babu yatsa, a rufe shi da shi, inda kuma yatsan ya wuce gefen kofin a kwafo launin rigar da ke baya. Bayan an cire shi, wanda ya koma na ƙasa zai yi tsawo da kauri fiye da ƙaramin yatsa na gaskiya, sai a rage masa kai da ɗan kauri ta wannan hanya. Abu mafi muhimmanci a nan shi ne layukan da ke tsakanin yatsu: a ɗauki buroshi siriri, a zaɓi launin fatar mai duhu daga inuwar hannun, a ja layi uku bayyanannu da za su raba yatsu huɗun. Manhajar tana bin bambancin haske da duhu sosai, kuma inda ta ga layi mai duhu a nan za ta sa rabuwa. Ba a buƙatar gwanintar zane, domin abin da ake nema shi ne yawan yatsu, tsawonsu da inda suka nufa su zama daidai, ko da zanen ya yi kama da na ɗan koyo.

Idan hannun ya dagule har ba a gane inda za a fara ba, hanya mafi inganci ita ce mutum ya ɗauki hoton hannunsa, ko na wani da ya yarda, yana riƙe da kofi mai kama da wancan. A tsaya daga nesa kaɗan a ɗauka, saboda ɗauka daga kusa tana kumbura yatsun da ke gaba, kuma a tabbatar hasken yana zuwa daga ɓangaren da yake zuwa a hoton da ake gyarawa, abin da ake ganewa daga inuwar hanci da ta haɓa. A yanko hannun, a ɗora shi a kan sabon shafi na sama, wato `Layer`, a rage girmansa har wuyan hannun ya yi daidai da faɗin damtsen da ke hoton, sannan a daidaita launinsa da `Curves` ko `Color Balance` har ya kusanci launin ɗaya hannun. A ra'ayina minti goma da aka kashe a wannan mataki sun fi zane ɗari da aka bar wa sa'a.

Mataki na uku: shafi da ma'aunai

A kai hoton da aka daidaita zuwa sashen `img2img` na AUTOMATIC1111, a shiga `Inpaint`, a shafe hannun da buroshi. Shafin ya rufe dukkan yatsu da ɗan rara a kewayensu, ya haɗa da sashen kofin da yatsun suka taɓa, ya kuma gangara ya wuce wuyan hannu kaɗan, zuwa bakin hannun riga idan akwai, domin a nan ɗinkin ya fi ɓoyuwa. Kada a shafe kofin gaba ɗaya, saboda bakinsa da gindinsa da aka bari su ne za su tilasta wa manhajar ta riƙe siffarsa. Ga ma'aunan da za a fara da su:

```
Masked content: original
Inpaint area: Only masked
Only masked padding, pixels: 32
Mask blur: 6
Width: 512   Height: 512
Denoising strength: 0.4
Batch count: 6
```

`Only masked` shi ne maganin matsalar ƙarancin fili. Da shi manhajar takan yanko wurin da aka shafe tare da rarar da aka ƙayyade, ta faɗaɗa shi zuwa girman da aka rubuta, ta yi zanen, sannan ta rage shi ta mayar mazauninsa. A misalinmu tsawon hannun 72 ne, idan aka ƙara 32 a sama da 32 a ƙasa ya zama 136, kuma faɗaɗa 136 zuwa 512 ya kusa ninki huɗu. Hannun da a da yake gida 7 da 9 yanzu ya kai kimanin gida 26 da 34, yatsa ɗaya kuma ya samu gida biyar ko shida maimakon ɗaya da rabi. Wanda yake aiki da SDXL, nau'in Stable Diffusion mai zana manyan hotuna, sai ya sa 1024 a maimakon 512. Rarar tana da nata sharaɗi: idan sabon hannun ya riƙa fitowa a juye ko bai haɗu da damtse ba, alama ce cewa manhajar ba ta ganin isasshen jiki, sai a ɗaga rarar zuwa 64 ko 96, da sanin cewa duk abin da aka ƙara yana rage faɗaɗawar.

`original` yana nufin a fara daga abin da ke wurin, wato siffar da aka sha wahalar daidaitawa. Sauran zaɓuɓɓukan suna share ta, don haka ba su da amfani a wannan aiki.

`Denoising strength` shi ne ma'aunin da komai ya rataya a kansa. Manhajar takan watsa wa wurin ɗigo-ɗigo irin na talabijin da ya rasa tasha, sannan ta share su tana zana abin da take tsammani, kuma wannan lamba ita ce yawan abin da za a watsa. A 0 babu abin da zai canza, a 1 kuwa siffar da aka shimfiɗa ta ɓace gaba ɗaya. Manhajar takan zo da 0.75 tun asali, wanda ya yi yawa ga hannu, domin a wannan mataki layukan da aka ja sun nutse kuma yatsa na shida yana iya dawowa. Tsakanin 0.35 da 0.5 ne aka fi samun dacewa. Idan sakamakon ya fito har yanzu ana ganin sawun buroshi, a ƙara 0.05, idan kuma yatsu sun fara sauya wuri ko yawa, a rage 0.05. Da zarar an samu zane mai kusa da abin da ake so, a kwafi lambar `Seed` ɗinsa, wato lambar da ke ƙayyade tsarin ɗigon da aka watsa, a liƙa ta a madadin `-1`, ta yadda duk canjin da aka gani bayan nan zai zama daga ma'aunin da aka taɓa ne.

Umarnin rubutu kuma dole ne a sauya shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin dogon bayanin hoton gaba ɗaya, mai ambaton fuska da idanu da gashi, alhali abin da manhajar take gani yanzu hannu ne da kofi kawai, kuma idan `Denoising strength` ya yi sama tana iya ƙoƙarin cusa ƙaramar fuska a cikin wurin. A rubuta abin da ke cikin yankin kaɗai:

```
close-up photo of a man's right hand holding a cup, natural skin
```

Game da jerin kalmomin da ake zubawa a `Negative prompt`, wurin rubuta abin da ba a so ya fito, irin su `extra fingers` da `bad hands`, ba sa cutarwa sosai, amma kada a dogara da su. Manhajar da ba ta ƙirga yatsu ba za ta fara ƙirgawa don an hana ta ƙari ba.

Idan siffar ta ƙi tsayawa

Wani lokaci a 0.4 hannun bai saje da hoton ba, a 0.55 kuma yatsun sun fara yawo. A nan ne ake kawo ControlNet, wanda Lvmin Zhang da abokan aikinsa suka fitar a 2023, kuma aikinsa shi ne ya riƙe siffa yayin da manhajar take sauya fata da haske. Ga hannun da ya riƙe abu, taswirar zurfi ta fi dacewa, wato a zaɓi `depth_midas` tare da `control_v11f1p_sd15_depth`, saboda tana nuna abin da ke gaba da abin da ke baya. `dw_openpose_full` yana sa wa kowane hannu ɗigo 21, yana da kyau ga buɗaɗɗen hannu, amma sandunan da ke haɗa ɗigon ba sa nuna kauri kuma yakan rikice idan rabin yatsun a ɓoye suke.

Akwai sharaɗi ɗaya da ba a tsallakewa: taswirar ta fito daga hannun da aka riga aka daidaita. Idan aka ciro ta daga lalataccen hannu, za ta kwafe yatsu shidan ta kuma tilasta su. A danna maɓallin duba taswirar kafin a yi zane, a ƙirga yatsun da ke cikinta da ido, idan sun dunƙule sun zama curi ɗaya to hannun ya yi ƙanƙanta, sai a yanko yankin a faɗaɗa shi a yi aikin a kansa daban. Da taswira mai kyau ana iya ɗaga `Denoising strength` zuwa 0.6 ko 0.7 ba tare da yatsun sun motsa ba. Idan hannun ya fito a sandare kamar an sassaƙa shi, a rage `Control Weight` zuwa wajen 0.7.

Ƙarin manhajar ADetailer, da `hand_yolov8n.pt`, tana gano hannu ta shafe shi ta sake zana shi da kanta. Tana magance ƙarancin fili, amma ba ta gyara siffa, don haka hannu mai yatsu shida yakan fito daga cikinta da yatsu shida masu kyan fata.

Mataki na ƙarshe: ɗinki da sajewa

Daga cikin zane shidan da `Batch count` ya bayar, da wuya a samu wanda ya cika ta kowace fuska. A zaɓi wanda siffarsa ta fi daidai, idan yatsa ɗaya ne ya rage da matsala, a shafe shi kaɗai a sake zagaye da 0.3 zuwa 0.35. Kada a yawaita zagayen a wuri guda, domin kowane matsewa da buɗewa yana ɗan sauya launi yana kuma goge laushin fata, har hannun ya koma kamar na roba.

Bayan haka a koma manhajar gyaran hoto, a ɗora sabon hoton a kan na asali, a bar hannun kaɗai ya bayyana ta hanyar `Layer Mask` mai laushin baki. Abu uku ne suke tona asirin hannun da aka gyara. Na farko launi ne, kuma ana gane shi ta ɗaukar samfuri daga bayan sabon hannun da kuma damtse a kwatanta. Na biyu kaifi ne, domin hannun da aka zana a faɗaɗe yakan fi sauran hoton fitowa tar, sai a sa masa `Gaussian Blur` na kimanin rabin fiksel, a kuma ƙara masa ɗan ɗigo-ɗigo daidai da na sauran hoton idan na kyamara ne. Na uku ita ce inuwar taɓawa: inda yatsa ya danne kofi dole a ga siririyar inuwa a ƙarƙashinsa, in babu ita hannun zai zama kamar yana shawagi a gaban kofin. Ana zana ta da buroshi mai laushi a sabon shafi da aka sa a `Multiply`, da ƙarfi kaɗan. Daga nan a juya hoton dama zuwa hagu a sake dubawa, saboda ido yakan saba da kuskuren da ya daɗe yana kallo, juyawar kuma takan fito da shi, sannan a rage hoton zuwa girman da za a nuna shi a gani ko ɗinkin yana ɗaukar ido.

Hannuwa biyu da suka sarƙe, ko musafaha tsakanin mutum biyu, sun fi wannan misali wuya nesa ba kusa ba, domin a can manhajar ba ta rarrabe yatsan wane ne. A irin wannan hali a fara da hoton gaske na hannuwa biyu a wannan yanayi, a yi amfani da taswirar zurfi tun daga farko, a kuma gyara hannu ɗaya a zagaye ɗaya, ana barin ɗayan a wajen shafi. Idan hannun a hoton bai kai fiksel 30 ba kuma mutumin yana can baya, ya fi sauƙi a faɗaɗa hoton gaba ɗaya ninki biyu kafin a fara, ko kuma a zana yatsun da buroshi a bar su haka, tunda a wannan girma layi uku masu duhu a wurin da ya dace sun wadatar.